Takarda ga ma'aikata kan amfani da filash da faifan haɗaka

Assalamu alaikum, abokan aiki.

Na rubuto wannan takarda ne domin mu daidaita yadda muke ajiye fayilolin ofis, saboda yawancin asarar da muke yi takan samo asali ne daga ƙananan ɗabi'un aiki, ba daga lalacewar kwamfuta ba, kuma ɗabi'u ne da za a iya gyarawa ba tare da an kashe kuɗi ba. Ƙa'idar da komai zai rataya a kanta ita ce: asalin kowane fayil na ofis yana zama a faifan haɗaka, wato wanda ke fitowa da harafin `S:` a kwamfutocinmu, filash kuwa abin ɗaukar kwafi ne daga wuri zuwa wuri. Duk fayil ɗin da babu shi ko'ina sai a filash, ku ɗauke shi a matsayin wanda ba a ajiye ba tukuna.

Dalilin da ya sa filash ba wurin ajiya ba ne

Filash yana mutuwa ba tare da ya ba da sanarwa ba. Faifai mai juyawa yakan fara jinkiri ko ƙara kafin ya tsaya, shi kuwa filash yana iya yin aiki lafiya da safe, da rana kwamfuta ta ƙi ganinsa gaba ɗaya. Ga shi ƙarami, yana kwana a aljihu, yana shiga wanki, yana shan zafin mota da ƙurar hunturu, kuma bakinsa yakan karye idan aka buge shi yana maƙale a jikin laftof.

Akwai kuma wani abu da na lura da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Idan kuka goge fayil a kan kwamfutarku, yakan tafi `Recycle Bin`, inda za a iya dawo da shi. Idan kuka goge shi a filash, ba ya zuwa can. Haka ma idan kuka goge shi a faifan haɗaka. A waɗannan wurare biyu kwamfuta takan yi tambaya da kalmomin `permanently delete`, kuma abin da take nufi ke nan: da zarar an danna `Yes`, fayil ɗin ya fita daga hannunku. Don haka duk lokacin da kuka ga waɗannan kalmomi biyu a allo, ku tsaya ku sake karanta sunan abin da za a goge da kuma yawansa, domin sau da yawa mutum yana nufin goge fayil ɗaya ne alhali folda guda ce aka zaɓa.

Matakan ɗaukar fayil a filash

Mataki na farko shi ne ku tabbatar fayil ɗin yana cikin foldar sashenku a `S:`, an adana shi, an kuma rufe shi. Sannan ku kwafa da `Ctrl+C`, ku manna a filash da `Ctrl+V`. Kada a yi amfani da `Ctrl+X` tsakanin filash da faifan haɗaka ko kaɗan. Yankewa tana cire asalin daga inda yake bayan ta kai shi sabon wuri, ta yadda idan filash ɗin yana da lahani, kun bar kwafi mai kyau kun riƙe gurɓatacce, kuma ba za ku sani ba sai ranar da kuka zo buɗewa. Idan kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanke folda mai fayiloli da yawa, sai a wayi gari rabi na nan rabi na can, babu wanda ya san wanne ne cikakke.

Mataki na biyu shi ne dubawa. Bayan akwatin kwafi ya rufe, ku buɗe fayil ɗin daga cikin filash ku ga ya buɗu, sannan ku rufe shi. Idan folda ce, ku danna mata maɓallin dama na linzami, ku zaɓi `Properties`, ku kwatanta adadin fayiloli da lambar da ke gaban `Size` da na asalin. Idan asalin ya nuna fayiloli 214 kwafin ya nuna 209, akwai biyar da ba su tsallaka ba, kuma galibi dalilin shi ne wani ya buɗe su a lokacin, ko kuma sunansu haɗe da sunayen foldodin da suke ciki ya wuce haruffa 260 da Windows ta saba karɓa.

Wani lokaci kwamfuta takan ƙi kwafa babban fayil, misali bidiyon taro, ta ce ya yi girma alhali akwai sarari a filash. Wannan ba lalacewa ba ce. Filash ɗin yana kan tsarin `FAT32` ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Maganinsa a mayar da shi `exFAT`, amma yin hakan yana share duk abin da ke ciki, saboda haka ku kawo wa jami'in kwamfuta ya yi, bayan an kwashe kayan.

Mataki na uku shi ne cirewa. Ku rufe duk fayil da duk folda ta filash ɗin, ku je ƙasan allo kusa da agogo, ku danna `Safely Remove Hardware and Eject Media`, ku zaɓi filash ɗin, ku jira saƙon `Safe To Remove Hardware` kafin ku zare. Na san ana cewa sababbin Windows ba sa buƙatar wannan, kuma akwai gaskiya a ciki, domin tun daga Windows 10 sigar 1809 an saita filash a kan `Quick removal`. Sai dai wannan saitin ba ya kare fayil ɗin da ake kan rubutawa a daidai lokacin da aka zare, kuma ba koyaushe ido ke ganin ana rubutu ba: Word takan yi ajiyar kanta a ɓoye, manhajar kare kwamfuta ma tana iya kasancewa tana bincike. Idan saƙo ya fito cewa `This device is currently in use`, wani abu ne bai rufe ba. Ku nemo shi ku rufe, ku sake gwadawa, in ya ƙi ku kashe kwamfutar yadda ya kamata sannan ku zare.

Mataki na huɗu ya shafi dawowa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Idan kun tafi da fayil gida ko wajen taro, kada ku buɗe shi kai tsaye daga filash ku yi ta aiki a kansa. Ku kwafa shi zuwa kwamfutar da kuke aiki da ita, ku gama, ku mayar da kwafi a filash. Ranar da kuka dawo ofis, kafin ku fara wani aiki, ku mayar da shi `S:` da sabon suna mai ɗauke da kwanan watan ranar, domin kada ya danne wanda ke can.

Suna, da akwatin da ke tambayar a maye gurbi

Na ɗan tsaya a kan suna saboda fayil ɗin da aka danne da tsohon kwafi ya fi wanda aka goge wahalar ganewa. Wanda aka goge ana ganin babu shi, wanda aka danne kuwa yana nan da sunansa, sai an buɗe ne ake ganin aikin mako guda ya ɓace. Daga yau kowane fayil da ake yi wa gyara zai fara da shekara, wata da rana, sannan batun, sannan lambar siga, kamar haka:

```
2025-03-14_rahoton-kudi_v2.xlsx
```

Amfanin wannan jeri shi ne kwamfuta za ta tsara fayilolin da kanta daga tsoho zuwa sabo. A daina sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe sabo", domin bayan wata biyu wanda ya sa sunan ma ba zai tuna wanne ne ba.

Idan kuna mannawa sai akwati ya fito da zaɓin `Replace the file in the destination` da `Skip this file` da `Compare info for both files`, ku zaɓi na ukun, ku duba kwanan wata da girman kowanne. A wannan akwati za a iya sa alama a kan duka biyun, sai kwamfuta ta ajiye su tare ta ƙara lamba a sunan ɗaya. Matuƙar kuna da shakka, hakan za ku yi.

Zama tare a faifan haɗaka

Abin da ya fi yawan jawo ƙorafin "foldata ta ɓace" shi ne jan linzami ba da niyya ba. Idan aka ja folda aka saki a cikin faifai ɗaya, Windows tana matsar da ita ne, ba kwafa take yi ba. Sai tsakanin faifai biyu daban ne take kwafa. Saboda haka hannu ya ɗan zame kaɗan, foldar albashi ta faɗa cikin foldar da ke kusa da ita, kowa ya daina ganinta. Idan kun lura a take, `Ctrl+Z` zai dawo da ita. Idan ba ku lura ba, kafin a tayar da hankali a rubuta sunanta a akwatin bincike da ke saman `S:`, a kuma leƙa foldodin da ke sama da ƙasa da inda take a da. Mafi yawan lokuta a nan ake samunta.

Idan kuka buɗe fayil ɗin Excel sai ya ce `locked for editing`, abokin aiki ne ke ciki. Ku zaɓi `Notify` domin a sanar da ku idan ya fita, ko `Read Only` idan karantawa kawai za ku yi. Abin da nake roƙon a daina shi ne buɗewa da `Read Only`, a yi gyara, a adana da wani suna, domin hakan yana haifar da rahoto biyu, kowanne da rabin gaskiya, kuma haɗa su daga baya aiki ne na hannu, layi bayan layi. Ku tashi ku yi wa wanda ke ciki magana, ko ku kira shi. Kowa kuma ya rufe fayilolin haɗaka kafin ya fita salla ko cin abinci. Ƙananan fayilolin da sunansu ya fara da `~$` alama ce cewa wani ya buɗe takardar, ba shara ba ce, a bar su.

Sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da `S:`, tana ɗaukar hoton abin da ke cikinsa, ma'ana kwafin fayilolin yadda suke a lokacin, sau biyu a ranakun aiki, da ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 12 na rana. Idan an goge ko an danne fayil, ku danna maɓallin dama a kan foldar da yake ciki, ku shiga `Properties`, sannan `Previous Versions`. Ku zaɓi lokacin da kuka tabbata fayil ɗin yana da kyau, ku danna `Open`, ku kwafo shi kaɗai zuwa kwamfutarku ku duba. Kada ku danna `Restore` a kan folda, domin zai mayar da fayilolin cikinta yadda suke a wancan lokaci, har da na abokan aikinku da suka yi gyara bayan nan. Ku san iyakar wannan hanya: fayil ɗin da aka ƙirƙira da ƙarfe 1 aka goge da ƙarfe 3 bai shiga kowane hoto ba, kuma tsofaffin hotuna suna gogewa idan wurin da aka ware masu ya cika. Shi ya sa kawo rahoto a ranar ya fi jira zuwa ƙarshen wata.

Game da wuta, sabar tana kan batirin da ke riƙe ta na ɗan lokaci, amma wasu kwamfutocin tebur ba su da shi. Idan an ɗauke wuta kuma kwamfutarku ba ta mutu ba, ku adana ku rufe kafin a tayar da janareta, kada ku fara kwafar babban abu a wannan tsakani.

Idan filash ya dawo daga waje da bairos

Wannan ita ce matsalar da ta fi zuwa mana, don haka zan bi ta dalla-dalla da misali. A ɗauka ma'aikaciya ta kai filash mai gigabait 16 shagon buga takardu domin firintarmu ta tsaya. Da ta dawo ta saka shi, sai ta ga foldodinta duk suna nan da sunayensu, amma kowacce da 'yar kibiya a ƙasan hotonta, girmanta kuma kilobait 1 ko 2, a ƙarƙashin `Type` an rubuta `Shortcut`. Wani lokaci ma abu ɗaya kawai za a gani, mai ɗauke da sunan filash ɗin kansa.

Abu na farko shi ne kada ta danna ko ɗaya daga cikinsu. Waɗannan ba foldodinta ba ne, tarko ne da bairos ya ajiye, kuma danna su ne ke shigar da shi kwamfutar, daga nan ya kama duk filash ɗin da aka saka a bayansa. Abu na biyu, ta duba ko kayanta na nan: ta buɗe `This PC`, ta danna maɓallin dama a kan filash ɗin, ta shiga `Properties`. Idan `Used space` ya nuna, misali, gigabait 3 kamar yadda yake kafin ta fita, fayilolin ba su tafi ko'ina ba, ɓoye su aka yi. Abu na uku, ta cire filash ɗin ta kai wa jami'in kwamfuta, ta kuma gaya masa gaskiya ko ta riga ta danna wani abu, domin amsar ita ce za ta nuna ko sai an cire kwamfutarta daga layin ofis an wanke ta.

Abin da jami'in zai yi, a kwamfutar da aka ware wadda ba ta haɗe da `S:`, shi ne ya fara binciken filash ɗin da manhajar kariya, sannan ya buɗe `Command Prompt` ya rubuta wannan umarni, idan harafin filash ɗin `E:` ne:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Umarnin yana cire alamomin ɓoyewa daga dukan fayiloli da foldodi, sai su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Na kawo shi ne domin ku fahimci aikin, amma a lura da abu biyu: dole a tabbatar da harafin kafin a danna `Enter`, kuma umarnin bayyanawa kawai yake yi, ba ya kashe bairos. Bayan fayilolin sun fito, za a kwashe takardun da aka sani kaɗai, a bar duk abin da ya ƙare da `.lnk` ko `.vbs` ko `.exe` wanda ba mu muka saka ba, sannan a share filash ɗin gaba ɗaya kafin ya koma aiki. Domin rage faruwar wannan, duk wanda zai buga takarda a waje ya mayar da ita PDF, ya karɓi filash ɗin da aka ware don fita, ya saka takardar ita kaɗai, idan ya dawo kuma ya miƙa shi a share kafin ya shiga kowace kwamfutar ofis.

Saƙon da ke neman a share faifai

Idan kuka saka filash ko faifan waje sai allo ya nuna `You need to format the disk in drive E: before you can use it`, ku danna `Cancel`. Wannan saƙo yana nufin jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya lalace, galibi saboda an zare ana rubutu, amma fayilolin kansu sau da yawa suna nan. Ku gwada shi sau ɗaya a wata kafar, in saƙon ya sake fitowa ku cire ku kawo. Kada ku kwafa komai a kansa, kada ku sauko da manhajar gyara daga intanet ku gwada, domin duk sabon abin da aka rubuta yana iya hawa kan wurin da tsohon fayil yake, kuma abin da aka hau kansa ba ya dawowa. Wannan doka ta shafi wanda ya goge fayil a filash bisa kuskure: ya daina amfani da shi nan take. Akwai manhajoji irin su Recuva da PhotoRec da jami'in zai gwada, yana ajiye abin da ya samo a wani faifai daban, sai dai ba su da tabbas, kuma PhotoRec takan dawo da fayiloli ba tare da sunayensu na asali ba.

Faifan waje mai juyawa da muke kwashe ajiyar mako a kansa yana da nasa hukunci. Ba a ɗaga shi ko matsar da shi yana aiki, domin allurar da ke karatu tana shawagi ne dab da faifan da ke juyawa, kuma faɗuwa daga tebur ta isa ta kashe shi. Idan kuka ji yana ƙara kas-kas a jere, ku cire shi, kada ku yi ta sakawa kuna cirewa, domin kowane kunnawa yana ƙara ɓarnar. Faifan waje biyu ne, ana musanya su kowace Juma'a, ɗaya yana kwana a akwatin ƙarfe a wani gini daban, saboda gobara ko sata da za ta ɗauke sabar kada ta haɗa da ajiyar.

Wane filash ne aka yarda da shi

Filash ɗin ofis kaɗai za a saka a kwamfutocin ofis. Kowanne yana da lamba a jikinsa, ana sa hannu a littafi wajen karɓa da wajen mayarwa. Wanda aka tsinta a ƙasa ko baƙo ya miƙo, a kai wa jami'in kwamfuta. Kada kowa ya sayo filash da kansa ya kawo rasiti, saboda akwai jabu da yawa a kasuwa: za a rubuta gigabait 128 a jiki, kwamfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce 8 ba. Irin wannan yana karɓar fayiloli ba tare da ƙorafi ba, sunayensu su bayyana, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ba zai buɗu ba. Shi ya sa muke gwada kowane sabo da manhajar H2testw, wadda ke cika shi da bayanai sannan ta karanta su ta ga ko sun dawo daidai.

Fayilolin da ke ɗauke da albashi, lambobin asusun banki, lambar shaidar ɗan ƙasa ko bayanan lafiyar ma'aikata ba sa fita a filash sai da izinina a rubuce, kuma sai a wanda aka kulle da `BitLocker To Go`. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin tsare irin waɗannan bayanai, don haka ɓatan filash mai ɗauke da su ba ƙaramar magana ba ce. Jami'in kwamfuta zai riƙe mabuɗin ceto mai lambobi 48 na kowane filash da aka kulle, domin idan an manta kalmar sirri kuma babu wannan mabuɗi, babu mai iya buɗe shi.

Wanda ya ɓatar da filash, ko ya goge abu, ko ya danna abin da bai kamata ba, ya sanar da ni ko jami'in kwamfuta a cikin sa'a guda, ya faɗi sunan fayil ɗin, foldar da yake, da lokacin ƙarshe da ya gan shi lafiya. Ba za a hukunta kowa saboda kuskuren da ya kawo rahotonsa da wuri ba. Kafin ranar Juma'a mai zuwa, ina roƙon kowa ya kwashe duk fayilolin ofis da ke filash ɗinsa da kan allon kwamfutarsa zuwa foldar sashensa a `S:`, sannan ya kawo filash ɗin a duba shi a ba shi lamba.

Na gode.

Manajan ofis